Babi na Shida: Buhu Ɗaya, Kwana Bakwai

Ƙanina malamin gona ne, kuma akwai wani bayani da ya yi wa manoma har ya haddace shi: yadda ake ajiye wake daga kaka zuwa bazara ba tare da an zuba masa maganin ƙwari ba. Idan ya tsaya a gindin bishiya yana yin sa, yakan ci minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu, kuma babu mai tashi. Wata rana ya sa aka ɗauke shi a waya yana wannan bayani, ya yanka hoton gida bakwai, kowane yanki minti ɗaya da rabi da 'yan daƙiƙu, ya riƙa sakin ɗaya kullum. Ranar farko mutane suka kalla. Zuwa rana ta uku ya ga ƙafa ta ɗauke. Sai ya kawo mini wayar ya ce, "Yaya, duba mini inda na kuskure."

Na buɗe kashi na huɗu. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "...to shi ya sa na ce muku kada ku yarda da shi haka nan." Da wa? Da me? Wanda ya zauna a gindin bishiya tun farko ya sani. Wanda wannan yanki ya faɗo wa a waya yana cikin shafa allo bai sani ba, kuma ba zai tsaya tambaya ba, yatsa zai sa ya wuce. Ƙanina ya yanka maganarsa da agogo, kamar mai yanka rake, alhali magana tana da gaɓoɓinta, kuma gaɓoɓin ba sa faɗawa daidai kan minti.

Dalilin da ya sa wannan ke da nauyi yana cikin yadda gajeren bidiyo ke isa ga mutane. Mai kallon shiri mai dogon zango a talabijin, irin su Daɗin Kowa a tashar Arewa24, ya san rana da lokaci, shi yake zuwa wurin shirin, don haka mai shiri na iya katse labari a tsakiyar rigima ya tabbata za a dawo. A TikTok da YouTube Shorts da Reels na Facebook da Instagram, bidiyon ne ke zuwa wurin mutum, kuma manhajar ba ta damu da jerinka ba. Tana iya nuna wa mutum kashi na biyar tun bai san akwai na ɗaya ba. A WhatsApp ma haka ne ta wata fuskar: wani ya ga kashi na uku ya burge shi, ya tura wa zauren 'yan garinsu shi kaɗai, sauran shida ba su bi shi ba. Saboda haka kowane kashi ƙofa ne. Dole wanda ya shigo ta nan ya fita da wani abu cikakke a hannu, sannan ya ji akwai sauran ɗakuna a gidan.

Marubutanmu sun daɗe da sanin wannan dabara. A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku yana tsare ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita. Kowane labari yana da farko da ƙarshe, ana iya karanta shi shi kaɗai a aji, kuma dubban yara sun karanta shi a haka. Amma akwai babban labari a sama da su duka, wanda ke sa mai karatu ya juya shafi. Abu biyu ke nan jerin bidiyo ke bukata: ƙaramin abu da ke ƙarewa yau, da babban abu da ba ya ƙarewa sai ranar ƙarshe.

Abin da muka fara yi ni da ƙanina shi ne ajiye wayar. Muka ɗauko takarda, na ce ya sake yin bayanin a hankali, ni kuma duk inda na ji ya amsa wata tambaya da manomi zai iya yi da bakinsa, sai in rubuta tambayar. Ba kan magana nake rubutawa ba, irin "busar da wake" ko "ɗaure buhu". Tambaya nake rubutawa, domin kan magana ba shi da iyaka, ana iya kwana a kansa, ita kuwa tambaya da zarar an amsa ta an gama. Muka samu tambayoyi goma sha uku. Wasu muka ga 'ya'yan wasu ne, muka cusa su ƙarƙashinsu. Biyu muka jefar, ciki har da tarihin buhun PICS da ake ajiye waken a ciki, cewa masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a arewacin Kamaru ne suka ƙirƙiro shi, kuma daga 2007 aka fara yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma. Gaskiya ne, ƙanina kuma yana son faɗin sa, amma babu manomin da ke kwana da wannan tambaya a ransa. Ya rage jimla ɗaya a kashi na biyu.

Sai aikin da ya fi cin lokaci: jera tambayoyin yadda amsar kowace za ta haifi ta gaba. Ga yadda na farko ya kasance. Tambayar ita ce, daga ina ƙwaro ke shiga buhun da ka ɗaure bakinsa? Ƙanina ya buɗe da tafin hannunsa cike da wake mai huji, kusa da kyamara, ya ce, "Salamu alaikum. Wannan waken a ɗaure yake tun kaka, ta ina ƙwaro ya shiga?" Sannan ya ba da amsa: bai shiga ba, da shi ka ɗaure. Ƙwaron wake yana fara yin ƙwai tun wake na gona, tsutsar ta huda ƙwayar ta zauna a ciki tana ci, cikin kamar mako uku zuwa huɗu ta fito ta zama uwa ta sake yin nata ƙwan. Ya fasa ƙwaya ɗaya ya nuna ramin. Wanda ya kalli wannan kaɗai ya ƙaru da wani abu da zai iya faɗa wa maƙwabcinsa. Kuma amsar da kanta ta bar tambaya a zuciyarsa: idan abokin gaba yana cikin buhu tun farko, me zai kashe shi in ba guba ba? Ƙanina bai bukaci cewa "ku biyo ni don jin wani sirri" ba. Faɗin tambayar kawai ya yi, ya ce gobe zai amsa ta da kyandir da kofin gilashi.

A nan nake rabuwa da masu ba da shawarar a ɓoye amsa don a ja mutane. Za ka ga bidiyo ya yi minti guda yana zagaye, ya zo daidai wurin da ake jira, sai a ce a tara a kashi na biyu. Mai kallo yana jin an ci masa data a banza, kuma ba ya mantawa. Bambancin a fili yake. Mai ɓoye amsa yana riƙe bashin jiya ne bai biya ba. Mai gina jeri yana biyan na yau cif, sannan ya nuna cewa abin da aka koya ya buɗe wata sabuwar matsala. Mutum yakan koma wurin wanda ya cika masa mudu.

Kashi na biyu shi ne zuciyar bayanin, shi ya sa muka ba shi hoton da ya fi kowane ƙarfi. Ya kunna kyandir, ya kifa masa kofi, wuta ta yi ƙasa ta mutu. Ya ce ƙwaro ma numfashi yake yi. Buhun da ake kira PICS ruɓi uku ne, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, idan an ɗaure su da kyau ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Daƙiƙa hamsin suka ishe shi. Ka lura cewa kashi ɗaya hoto ɗaya ne: wake mai huji a na farko, kyandir a na biyu. Idan ka rasa abin da za ka nuna wa ido a wani kashi, sau da yawa alama ce cewa wannan kashin ba tambaya ba ce mai zaman kanta, ya kamata ya koma cikin wani.

Daga nan sauran suka jeru da kansu. Tunda buhun ba ya shan iska, danshi ma ba ya fita, to yaya za ka san wakenka ya bushe? Wannan ne na uku, inda ya nuna gwajin haƙori da gwajin busasshen gishiri a kwalba: a zuba wake da gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba akwai sauran danshi. Na huɗu, yadda ake gane leda mai huji kafin a zuba, a cika ta da iska a riƙe baki a danna. Na biyar ɗauri: a matse iska, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da igiyarsa. Na shida wurin ajiya, a kan katako, nesa da bango, inda ɓera ba zai kai ba.

Wannan shi ne ƙaramin zare. Babban zaren kuwa wani buhu ne da ƙanina ya ɗaure tun kakar da ta wuce, da kwanan wata rubuce a jikinsa da babban alƙalami. Muka jingine shi a bayansa a kowane kashi, inda ido zai gan shi. A kashi na farko ya dafa shi ya ce, "Wannan ba a buɗe shi ba tun ranar da ke rubuce a nan. Ranar Juma'a za mu buɗe shi tare, ni ma ban san abin da zan tarar ba." A sauran kwanakin jimla ɗaya kawai yake yi a kansa, wani lokaci ma dafa shi kawai yake yi ya ce saura kwana uku. Wanda ya shigo a kashi na biyar ya ga buhun, ya ji ana ƙirga kwana, nan take ya gane cewa a tsakiyar wani abu ya faɗo. Sharaɗin wannan dabara ɗaya ne, abin ya zama gaskiya. Da mun buɗe buhun a ɓoye mun duba, ko mun canza waken, da mun yi wa mutanen da za su zuba amfanin gonarsu na shekara a kan maganarmu ƙarya.

Akwai wani haɗari da ban gan shi ba sai da muka zo rubuta kashi na biyar, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan misali. Kashin ɗauri shi ne wanda ya fi daɗin turawa, domin aiki ne na hannu da ake gani. To ka ɗauka ya isa ga manomin da bai taɓa ganin kashi na uku ba. Zai ɗaure ɗanyen wake a buhun da ba ya numfashi, bayan watanni ya buɗe ya tarar da fumfuna, ya yi asara, kuma mu ne sanadi. A doguwar magana gargaɗi sau ɗaya ya isa, domin mai sauraro yana nan tun farko. A jeri, duk sharaɗin da rashin saninsa zai cutar da mutum dole ya bi kowane kashin da ya shafe shi. Saboda haka na huɗu da na biyar da na shida duk suna ɗauke da jimla guda: "Sai wake ya bushe ƙayau, duba kashi na uku." Daƙiƙa huɗu ce. Wannan kuma yana nuna iyakar aikin baki ɗaya. Akwai maganganun da ba sa rabuwa, irin adadin magani da wanda bai kamata ya sha ba, ko hukunci na addini da sharuɗɗansa. In sharaɗi da hukunci ba za su shiga kashi ɗaya ba, gara a bar maganar doguwa yadda take.

Game da tsayi, kada ka yarda da ƙiyasi, ka auna bakinka. Ka rubuta abin da za ka faɗa, ka karanta da ƙarfi da agogo a hannu. Ƙanina, da yake ba mai sauri ba ne, kalmomi kamar 130 yake faɗa a minti, don haka kowane kashi muka tsayar da shi tsakanin kalma 100 zuwa 120, abin da bai cika rabin shafin littafin rubutu ba. YouTube ya ƙara tsawon Shorts zuwa minti uku tun Oktoban 2024, sauran ma sun saki hannu, amma mu mun tsaya ƙasa da minti ɗaya saboda yawancin mutanensa a Status na WhatsApp suke ganin sa, kuma ba ma so manhajar ta datse mana shi gida biyu a inda ba mu zaɓa ba. Ga kuma kuɗin data, wanda manomi ke lissafawa kafin ya danna.

Gaisuwa ta ba mu wahala. A gindin bishiya ƙanina yakan yi sallama, ya gaida mai gari, ya tambayi gajiya da iyali, haka tarbiyya ta ce. A waya daƙiƙu ukun farko su ne ke yanke ko za a tsaya. Ban yarda a jefar da sallama ba, Bahaushe yana jin wani iri idan aka faɗo masa da magana babu ita. Abin da muka yi shi ne sallama a gajarce, a daidai lokacin da hoton ke aikinsa, hannu cike da wake ko kyandir na ci. Kunne na jin gaisuwa, ido ya riga ya shiga magana. Doguwar godiya da addu'a muka kai su ranar ƙarshe.

Lambar kashi muka sa a wuri biyu. Mun rubuta ta a jikin hoton kansa da CapCut, "Ajiyar wake 3/7", a sama kaɗan da tsakiya, domin ƙasan allo da gefen dama maɓallan manhaja ne ke rufe su. Rubutun da ake sawa a ƙarƙashin bidiyo yakan ɓace idan aka sauke shi aka tura ko aka raba ta Xender, amma abin da ke jikin hoto yana tafiya da shi duk inda ya je. Kuma yana faɗin lambar da baki, "kashi na uku cikin bakwai", saboda da yawa daga masu kallonsa ba sa karanta boko. Faɗin "cikin bakwai" yana da amfaninsa: mutum ya san tafiyar tana da ƙarshe, kuma ba ta da nisa.

Kashi shida na farko a safiya ɗaya muka ɗauke su, waya a tsaye, a inuwa, da riga ɗaya da wuri ɗaya, kafin rana ta yi sama haske ya canza. Wanda ya ce zai riƙa ɗauka kullum, ranar Talata za a yi rasuwa ko a ɗauke wuta ko ruwa ya sauko, jerin ya tsinke, alƙawarin "gobe" ya tashi. Muka riƙa saki bayan sallar isha'i, lokacin da mutanensa ke zaune da waya. Da yake Status yana gushewa bayan awa 24, kullum yakan sake ɗora na jiya kafin na yau, don wanda ya tsallake rana ya samu abin kamawa. A YouTube kuma ya tara su a jeri guda mai suna ɗaya.

Ta yaya za ka san inda ya lalace? Yawan masu kallo shi kaɗai ba ya faɗa maka komai, domin manhaja na iya ɗaga kashi ɗaya ta bar sauran ba tare da laifinka ba. YouTube Studio da shafin ƙididdiga na TikTok suna nuna layin da ke bayyana inda mutane suka bar kallo. In layin ya faɗi tun a farkon daƙiƙu, buɗewar ce ba ta kama ba. In ya riƙe har tsakiya sannan ya zube, ka je daidai wurin, galibi za ka tarar ka shigo da tambaya ta biyu. Haka ya faru da kashinmu na shida: ya fara da katako da bango, sai ya zarce zuwa lokacin da ya fi dacewa a kai wake kasuwa, mutane suka watse a nan. Alamar cewa jerin ya zama jeri kuwa ita ce, ranar da wani kashi ya yi farin jini, ka ga na gabansa da na bayansa su ma sun motsa. In shi kaɗai ya tashi sauran suna kwance, kana da bidiyo bakwai ne masu kama da juna, zaren bai ɗaure ba. A WhatsApp abin ya fi sauƙi, sunayen waɗanda suka kalla suna nan, ka duba ko mutanen Litinin su ne na Alhamis. Tambayoyin mutane ma ma'auni ne. Wanda ya tambayi abin da za a amsa gobe, ya nuna maka jerin tambayoyinka daidai yake da tunaninsa. In mutane da yawa suna tambayar abin da aka amsa jiya, to nunin da kake yi zuwa baya bai fito ba.

Ba kowace magana ce ke kai bakwai ba. Da tambayoyin ƙanina biyar suka rage bayan tankaɗe, da biyar muka yi, domin kashin da aka ƙirƙira don cike mako shi ne wurin da mutane ke sauka, kuma wanda ya sauka a rana ta huɗu da wuya ya dawo a ta biyar.

Kashi na bakwai kaɗai muka bari ba mu ɗauka ba sai ranarsa. Da safiyar Juma'a ya jawo buhun gaban kyamara, ya nuna kwanan watan, ya kwance igiya ta waje, ta biyu, ta uku, ba tare da an yanke hoton ko sau ɗaya ba, don kada wani ya ce an yi canji. Ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo daga tsakiya, ya baza a faranti. Akwai 'yan ƙwayoyi masu tsohon huji da matattun ƙwari kaɗan, ya nuna su bai ɓoye ba, ya ce waɗannan su ne suka shigo daga gona, a nan suka tsaya. Sauran daƙiƙun ya ba tambaya guda da ta fi yawan zuwa masa cikin makon, wadda ba ta cikin goma sha ukun da muka rubuta: wanda wakensa tiya biyar ne kawai, bai kai buhu ba, yaya zai yi? Ya ɗaga jarkar mai, wankakkiya busasshiya, mai murfi da ke rufewa gam, ya ce ita ma tana hana iska in an cika ta har baki, amma tana da nata sharuɗɗan, ranar Asabar zai fara su.